Yadda Matar Mamaci Za Ta Nemi Haƙƙinta da na Yaranta a Asusun Fansho

Idan magidanci mai biyan kuɗin fansho ya rasu ya bar mata da ƙananan yara, kuɗin da aka riƙa cirewa daga albashinsa ba ya bin sa kabari, amma kuma ba ya zuwa gida da ƙafarsa. Sai an nema, an cike fom, an kai takardu. Abin da ya fi jawo wa iyalai jinkiri shi ne fara tara takardu tun ba a san irin tsarin da mamacin yake ciki ba, domin tsarin ne yake faɗin wanda zai karɓa, da abin da zai karɓa, da takardar da za a nema a hannunsa. Saboda haka mataki na farko shi ne a gano wannan.

Tsarin fansho iri biyu ne manya. Akwai na asusun gamayya, inda ma'aikata da masu ɗaukar su aiki suke zuba kuɗi a tukunya ɗaya, doka kuma ta tsara wanda za a biya idan ma'aikaci ya rasu. A irin wannan tsari matar da 'ya'yan suna karɓar kuɗi duk wata ne da sunan kansu, domin doka ce ta ba su, ba gado ba ne, kuma 'yan'uwan mamaci ba su da hurumin raba shi. Akwai kuma na asusun mutum ɗaya, inda kowane ma'aikaci yake da nasa asusun da ake tara masa kuɗi da ribar da suka haifar. A nan abin da ke cikin asusun shi ne za a biya, sau da yawa a dunƙule, kuma yakan bi ta hanyar wasiyya, ko sunan wanda mamacin ya rubuta a fom, ko takardar kotu mai ba da izinin kula da dukiyar mamaci. Tsarin Amurka na inshorar jama'a misali ne na nau'in farko, tsarin da dokar fansho ta Nijeriya ta 2014 ta shimfiɗa kuma misali ne na biyun.

Bayan waɗannan akwai haƙƙoƙi biyu da ake yawan mantawa da su. Na farko shi ne inshorar rai da wurin aiki yake yi wa ma'aikatansa a jumlace, wadda a dokar Nijeriya da aka ambata ba ta gaza ninki uku na jimillar albashin shekara ba. Na biyu shi ne diyyar hatsarin aiki, idan rasuwar ta faru ne a bakin aiki ko sakamakon cutar da aikin ya jawo. Kowannensu yana da nasa ofishi da nasa fom, kuma neman ɗaya ba ya nufin an nemi ɗayan. Tambaya ɗaya a ofishin kula da ma'aikata na inda mamacin ya yi aiki takan warware wannan duka: wane asusu ake zuba masa kuɗi, mece ce lambar rajistarsa, kuma akwai inshorar rai ko babu? Idan ba a samu amsa a can ba, takardar albashinsa ta wata-wata takan nuna sunan asusun da adadin da ake cirewa.

Mataki na biyu shi ne sanar da rasuwar a rubuce, ga wurin aiki da kuma asusun fanshon, tun kafin takardu su kammala. Wannan yana da muhimmanci saboda yawancin tsare-tsare suna ƙayyade iya watannin baya da za su biya. A Amurka, alal misali, ba a cika komawa baya fiye da wata shida ba wajen biyan iyalan mamaci, kuma kuɗin da ake bayarwa sau ɗaya bayan rasuwa sai an nema cikin shekara biyu. Ranar da aka shigar da buƙata ita ce ake ƙirgawa da ita, don haka a rubuta gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da sunan mamaci, lambar rajistarsa, ranar rasuwa, sunan matar da sunayen yara, a yi kwafi biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata a dawo da shi gida. Idan matar ba ta iya fita a wannan lokaci, wani amintacce yana iya kai wasiƙar, amma ita ce za ta sa hannu.

Akwai abin da ya kamata a kiyaye a daidai wannan gaɓa. Idan mamacin ya riga ya yi ritaya yana karɓar fansho, kuɗin da ya ci gaba da shigowa asusunsa na banki bayan rasuwarsa ba na iyali ba ne, kuma asusun fansho yakan cire shi daga abin da zai biya matar daga baya. Cire shi da katin mamaci yana iya jawo zargin zamba. A bar shi inda yake har a daidaita lissafi.

Sai batun takardu, wanda shi ne mafi tsawo. Jerin da ofisoshi suke bayarwa yakan yi kama da tarin abubuwa marasa alaƙa, amma duk suna amsa tambayoyi huɗu ne: shin mutumin ya rasu, shin ya biya kuɗin da ake buƙata, shin wannan matarsa ce, shin waɗannan 'ya'yansa ne. Wanda ya riƙe tambayoyin nan a ransa zai gane dalilin kowace takarda, zai kuma san abin da zai iya maye gurbinta idan ta ɓata.

Shaidar rasuwa kashi biyu ce, kuma ana yawan rikita su. Akwai takardar likita mai bayyana musabbabin mutuwa, wadda asibiti yake bayarwa, akwai kuma takardar shaidar rasuwa ta hukumar da ke rajistar haihuwa da mutuwa. Ta biyun ce yawancin asusun fansho suke nema, ana kuma samun ta ne da ta farkon. Kamfanin inshora kuwa yakan nemi ta likita, domin musabbabin mutuwa ya shafi biyansa. Idan a gida aka rasu ba likita a wurin, hukumar rajista takan karɓi takardar rantsuwa daga kotu tare da shaidu ko takardar izinin binnewa. Idan hatsari ne, za a buƙaci rahoton 'yan sanda, idan kuma a bakin aiki ne, rahoton wurin aikin game da hatsarin. A nemi kwafi masu hatimin tabbatarwa tun a zuwan farko, kamar huɗu ko biyar, saboda banki da kotu da inshora da asusun fansho kowa zai riƙe nasa. Ta asali kuwa a nuna ta kawai, kada a bar ta a kowane ofishi.

Shaidar aure ita ce inda mata da yawa suke tsayawa cik, domin aure da yawa ana ɗaura shi ne ba tare da an rubuta a ko'ina ba. Idan akwai takardar aure, magana ta ƙare. Idan babu, a tambayi asusun abin da yake karɓa a madadinta kafin a kashe kuɗi, amma abin da aka saba shi ne takardar rantsuwa ko hukuncin kotu mai tabbatar da auren, bisa shaidar mutanen da suka halarci ɗaurinsa, tare da duk abin da ke ƙarfafa maganar, kamar fom ɗin wurin aiki da mamacin ya rubuta sunanta a ciki, ko katin inshorar lafiya na iyali, ko takardun haihuwar yara masu ɗauke da sunayensu biyu. Abu biyu za a duba a wannan shaida: ranar auren, saboda wasu tsare-tsare suna neman ya kai wani tsawon lokaci, musamman idan babu haihuwa, da kuma cewa auren yana nan har ranar rasuwa. Inda doka ta amince da mata fiye da ɗaya, kowace za ta kawo tata shaidar, kuma kason matar ne ake rabawa tsakaninsu, ba a ninka shi.

Shaidar yara ita ce takardar haihuwa ta kowane ɗaya, mai ɗauke da sunan uba. Katin allurar rigakafi ko takardar sallama daga asibiti ba su tsaya a matsayinta ba, sai dai suna taimakawa wajen yin rajista a makare idan ba a yi tun farko ba. A rubuta dukan 'ya'yan mamaci a fom, har da waɗanda ya haifa da wata matar, domin ɓoye su ba ya ƙara wa kowa komai in ban da dakatar da biya ranar da suka bayyana. Idan matar tana da ciki lokacin rasuwar, ta faɗa a rubuce, domin jaririn yana da haƙƙi da zarar an haife shi an kawo takardarsa. Yaron da yake da naƙasa a haɗa da rahoton likita tun yanzu, saboda a tsare-tsare da yawa nasa kason ba ya yankewa da shekaru.

Tun da yara ƙanana ba sa karɓar kuɗi da hannunsu, dole a nuna wanda yake riƙon su. Uwa da ke tare da 'ya'yanta galibi bayaninta da takardun haihuwa sun isa. Amma idan wani yaro yana hannun kawu ko kaka, asusun yakan nemi takardar riƙo daga kotu, kuma kason yaron yana bin wanda yake ciyar da shi ne. Gara a daidaita wannan a cikin dangi kafin a kai fom, domin mutum biyu su nemi kuɗin yaro ɗaya yana sa a rufe fayil ɗin gaba ɗaya har sai kotu ta yi magana. Ragowar takardun masu sauƙi ne: katin shaidar matar, hotunan fasfo nata da na yara, da asusun banki da sunanta, wanda rubutunsa ya yi daidai da na katin.

Kafin a kai komai, a shimfiɗa takardun duka a karanta sunaye da ranaku harafi bayan harafi. A ganina wannan awa ɗaya ta fi kowace tafiya ofis amfani. Sunan mamaci da aka rubuta iri ɗaya a rajistar fansho, wani iri kuma a takardar rasuwa, ko ranar haihuwar yaro da ta bambanta tsakanin takardar haihuwa da ta makaranta, ya isa ya mayar da fayil baya bayan an yi watanni ana jira. Maganinsa takardar rantsuwa ce mai cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, ko gyara daga hukumar da ta ba da takardar, kuma a haɗa ta tun farko ya fi a jira a nema.

Tambayar da ta rage ita ce ko ya biya abin da ake buƙata, kuma a nan ne kuɗi mai yawa yake salwanta ba tare da iyali sun sani ba. Asusun gamayya yana da mafi ƙarancin watannin biya kafin a ba iyali fansho na wata-wata. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 102 ta 1952 ta sa ma'auni cewa mace mai yara biyu ta samu aƙalla kashi 40 cikin ɗari na abin da mijinta yake samu idan ya yi shekara 15 yana biya ko yana aiki, da ragaggen kaso idan ya yi shekara 5, sai yarjejeniya mai lamba 128 ta 1967 ta ɗaga kason zuwa 45. Kowace ƙasa da nata sharaɗi, wasu ma sun sassauta saboda masu rasuwa da ƙuruciya: a Amurka aikin shekara ɗaya da rabi cikin shekaru uku na ƙarshe ya isa a biya yara da uwar da ke rainon su. Abin yi shi ne a nemi asusun ya buga cikakken bayanin biyan mamaci wata bayan wata, a gwada shi da shekarun da ya yi aiki.

Ga misali da alƙaluma na kwatance, ba na wata ƙasa ba. Wani ma'aikaci ya rasu yana da shekara 41, ya bar mata ɗaya da yara uku masu shekara 11 da 7 da 2. Ya yi aiki shekara 16, wato wata 192, a wurare biyu. Tsarin da yake ciki yana neman wata 180 kafin a ba iyali fansho, wanda bai kai ba kuma sai a ba iyalinsa kuɗi sau ɗaya a rufe fayil. Da aka buga bayanin biyansa sai aka ga wata 156 kacal, domin wurin aikinsa na farko ya yi shekara uku yana cire kuɗin daga albashi ba ya aikawa. Da matar ta sa hannu ta karɓi kuɗin dunƙule a wannan rana, da ta sayar da fanshon shekaru masu yawa da kuɗin da ba zai daɗe ba. Abin da ya dace shi ne ta ƙi sa hannu tukuna, ta kai takardar ɗaukar aiki, takardun albashi masu nuna cirewar, da bayanan banki na waɗannan wata 36, ta nemi a rubuce a gyara lissafin. A tsare-tsare da yawa bin bashin kuɗin da ba a aika ba aikin asusun ne a kan mai ɗaukar aiki, ba laifin ma'aikaci ba ne. Wannan shi ya sa tsofaffin takardun albashin mamaci ba abin zubarwa ba ne.

A ce an gyara, an kuma lissafa cewa fanshon da mamacin zai samu 60,000 ne a wata. Dokar tsarin ta ba matar rabi, wato 30,000, ta ba kowane yaro kashi 25 cikin ɗari, wato 15,000. Jimilla ta kama 75,000, amma dokar ta ce abin da iyali za su karɓa ba zai wuce fanshon mamaci ba. Sai a rage wa kowa daidai gwargwado: matar ta samu 24,000, kowane yaro 12,000, jimilla 60,000. Wanda bai san da wannan iyaka ba zai ɗauka an cuce shi, alhali lissafin daidai yake. Irin wannan iyaka tana nan a tsare-tsare da yawa, ko da yake adadinta ya bambanta. A Amurka kowane yaro yana da kashi 75 cikin ɗari, amma jimillar iyali takan tsaya tsakanin kashi 150 da 180 cikin ɗari na fanshon mamaci.

Abin lura shi ne yadda lissafin yake canzawa da shekaru. Ranar da babban yaron ya wuce shekarun karɓa, matar da yara biyu da suka rage suna da 30,000 da 15,000 sau biyu, wato 60,000 daidai, don haka ragin ya tashi kuma abin da ke shigowa gida bai sauka ba. Idan aka ga ya sauka zuwa 48,000, to an cire kason babban ne ba a sake lissafin sauran ba, kuma wannan kuskure ne da ya cancanci a rubuta ƙorafi a kansa. Sai na biyun ya fita ne kuɗin zai koma 45,000. Idan kuma matar ta sake aure tun yaran uku suna ƙanana, a yawancin tsare-tsare nata kason yana tsayawa, wasu kuma sukan ba ta wani abu a dunƙule na sallama, amma na yara yana nan, har ma ya koma cikakke, 45,000 su uku. Ba daidai ba ne a tsorata mace da cewa aurenta zai yanke wa marayu abincinsu. Abin da ke kanta shi ne ta sanar da auren, domin kuɗin da ta karɓa bayan ɗaura shi bashi ne da za a bi.

Idan tsarin na asusun mutum ɗaya ne, wannan lissafi bai taso ba, aikin yana komawa kotu ne. Za a nemi bayanin abin da ke cikin asusun, a bi wurin aiki ya aika ragowar watannin da bai aika ba, sannan a kai wasiyya da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci. A tabbata an rubuta asusun fanshon cikin jerin dukiyar da takardar ta ƙunsa, in ba haka ba za a koma kotu a ƙara shi. Kada kuma a ɗauka cewa wanda mamaci ya rubuta a matsayin makusancin da za a tuntuɓa shi ne mai kuɗin. Sau da yawa wannan suna na wanda za a kira ne kawai idan wani abu ya faru, kuma maza da yawa sun rubuta ɗan'uwa ko mahaifi tun kafin su yi aure ba su canza ba. Shawarata mai ƙarfi ita ce matar ta kasance cikin waɗanda kotu za ta ba izinin, kuma kason yara ya shiga asusu na daban da sunansu, domin kuɗin dunƙule da aka zuba a hannu ɗaya yakan ƙare tun ƙaramin bai shiga makaranta ba.

Ranar kai fom, a karɓi takardar shaidar karɓa mai lambar fayil da jerin abin da aka miƙa, a tambayi tsawon lokacin da ake ɗauka, a rubuta sunan sashen da fayil ɗin zai tafi. Kada a sa hannu a fom da ba a cike ba, kada kuma a ba ɗan tsakani takardun asali ko alkawarin wani kaso. Kuɗin da ake biya a hukumance, kamar na kotu ko na kwafi, yana zuwa da rasit. Idan lokacin ya wuce ba labari, a bi da wasiƙa mai lambar fayil, domin abin da aka faɗa da baki a kan tebur ba ya barin shaida.

Idan amsa ta zo, a nemi ta a rubuce tare da lissafin: watannin da aka ƙirga, albashin da aka gina lissafin a kai, kason kowa, da ranar da biya ya fara. A duba ko an haɗa da kuɗin watannin baya. Idan an ƙi biya ko an biya ƙasa da yadda ya kamata, akwai damar ɗaukaka ƙara, wadda yarjejeniyar 1952 ɗin ma ta tanada, amma tana da wa'adi da yake farawa daga ranar wasiƙar, kuma yakan zama gajere. A fara da neman asusun ya sake dubawa, in bai yi ba a wuce hukumar da ke sa ido a kansa ko kotun da doka ta ware.

Bayan an fara biya, sauran aikin na shekara-shekara ne. Asusu da yawa suna neman shaidar cewa masu karɓa suna raye, da shaidar cewa matar ba ta sake aure ba, kuma rashin kai su a kan lokaci yana dakatar da kuɗin ko da babu abin da ya canza. Shekarun da kason yaro yake tsayawa sun bambanta daga tsari zuwa tsari, kuma sau da yawa ana tsawaita su ga wanda yake makaranta ko koyon sana'a. A Amurka 18 ne, ko 19 ga ɗalibin da bai gama sakandare ba. Wannan tsawaitawa ba ta zuwa sai an kai takardar makaranta, don haka a rubuta ranar da kowane yaro zai cika shekarun a bangon fayil ɗin gida, a kai takardar wata biyu ko uku kafin ranar, kuma a sabunta ta a farkon kowace shekarar karatu.